Daga Ƙaramin Wasa Zuwa Fahimtar Dabara: Koyar da Kawo Ɗauki a Wasannin Mamaye Fili

Tsakure

Wannan takarda ta dubi hanyar koyar da wasannin mamaye fili, irin su ƙwallon ƙafa da ƙwallon hannu da na kwando, wadda ake fara darasi da wasan kansa maimakon atisayen gwaninta. Hujjar takardar ita ce rage yawan 'yan wasa yana yawaita taɓa ƙwallo, amma shi kaɗai ba ya koyar da dabara. Abin da ke koyar da ita shi ne malami ya ware matsala guda, ya gyara dokar wasa yadda matsalar za ta yi ta bijirowa, ya yi tambaya a kanta, sannan ya janye dokar ya ga ko abin ya zauna. An bi wannan hanya daki-daki da matsalar kawo wa mai ƙwallo ɗauki, a ajin ƙaramar sakandare mai ɗalibai 48, tun daga uku da ɗaya har zuwa bakwai da bakwai, tare da bayanin inda ake tuntuɓe da yadda ake auna ci gaba.

1. Gabatarwa

Darasin ƙwallon ƙafa da yawancinmu muka sani yana da fasali ɗaya. A yi gudun ɗumama jiki, a jera yara layi biyu suna fuskantar juna, kowa ya buga fasin da cikin ƙafa ya koma bayan layi, in lokaci ya rage a raba su gida biyu a jefa musu ƙwallo. Da an hura usur sai duk abin da aka koya a layi ya watse. Yara ashirin su rufu a kan ƙwallo ɗaya kamar kaji an watsa musu tsaba, biyu ko uku masu ƙarfi su mallake wasan, sauran su yi ta bin ƙura. Malami ya koma gida da zaton yaran ba su ƙware a fasin ba, mako mai zuwa ya ƙara tsawaita layin.

Alhali ba fasin ne ya gagare su ba. Yaron da ya buga ƙwallo daidai ga abokinsa sau goma a layi ya iya bugawa. Abin da bai sani ba shi ne wa zai ba, yaushe, kuma shi da ba ya riƙe da ƙwallo ina ya kamata ya tsaya. Layi ba ya yin waɗannan tambayoyi, domin a layi babu abokin hamayya, kuma an riga an zaɓa wa yaro wanda zai ba. Wannan giɓi tsakanin iya bugawa da iya wasa shi ne abin da takardar nan ta sa a gaba.

2. Inda tsarin ya samo tushe

A shekarar 1982 David Bunker da Rod Thorpe na Jami'ar Loughborough da ke Ingila suka wallafa tsarin da ya shahara da taƙaitaccen suna TGfU, wato koyar da wasanni don fahimta. Kukansu shi ne yara suna barin sakandare bayan shekaru na darasin wasanni ba tare da sun san wasa ba, kuma masu rauni a gwaninta sun riga sun yanke ƙauna. Sai suka juya jerin darasin. A fara da wasan da aka sauƙaƙa, yaro ya gane dokokinsa da abin da ake nema a cikinsa, ya farga da dabara, ya yanke shawarar abin da zai yi da yadda zai yi shi, sannan a zo kan gwanintar bugu lokacin da shi kansa ya ga buƙatarta. Ba su ce a daina koyar da gwaninta ba, kodayake an sha jingina musu wannan. Matsayinta a jerin darasi suka sauya.

Abokin aikinsu Len Almond ya taimaka wajen rarraba wasanni gida huɗu bisa irin matsalar da ke cikinsu: na mamaye fili, na raga ko bango, na duka da tarewa, da na saiti. Amfanin wannan rabo ga malami a bayyane yake. Ƙwallon ƙafa da na hannu da na kwando da hoki sun bambanta a kayan wasa da gaɓar da ake amfani da ita, amma matsalolinsu ɗaya ne: riƙe ƙwallo, buɗe fili, kutsawa, kai hari, da kuma kishiyoyinsu a wajen tsaro. Tun kafin wannan ma, Allen Wade ya jera ƙa'idojin wasa a littafinsa na horar da ƙwallon ƙafa na 1967, inda ya yi maganar faɗi da zurfi da kutsawa da motsi a hari, da jinkirtawa da daidaito a tsaro.

Daga baya tsarin ya yi rassa. A Amurka Linda Griffin da Stephen Mitchell da Judith Oslin sun taƙaita shi a 1997 zuwa zagaye mai hawa uku: wasa, tambaya da atisaye, sake komawa wasa. A Ostareliya, inda Thorpe ya yi aiki da hukumar wasanni ta ƙasar a tsakiyar shekarun 1990, an fi ƙarfafa tambayoyin mai horarwa. Daga cikin duk wannan, ƙa'idoji biyu na gyara wasa su ne za mu riƙe. Ta farko ita ce wakilci: ƙaramin wasa ya kasance yana ɗauke da ainihin fasalin babban, da ɓangarori biyu da alƙibla da wurin ci. Ta biyu ita ce zuzutawa: a sauya doka ko siffar fili domin matsala guda ta fito fili ta yi ta maimaituwa.

3. Abin da ƙaramin wasa ke bayarwa, da abin da ba ya bayarwa

Lissafin yana da sauƙi. Idan yara 22 suka yi minti 20 da ƙwallo ɗaya, ko da an raba daidai, rabon kowa bai kai minti ɗaya ba, kuma ba a taɓa rabawa daidai. Idan huɗu da huɗu ne, rabon kowa minti biyu da rabi ne. Rahoton da Rick Fenoglio ya fitar a 2003 kan gwajin huɗu da huɗu na 'yan ƙasa da shekara tara a makarantar ƙwallo ta Manchester United ya nuna fasin ya ƙaru da kashi 135 cikin ɗari, yunƙurin cin ƙwallo kuma da kashi 260, idan aka kwatanta da takwas da takwas. Hukumomin ƙwallo sun karɓi wannan hujja: Ingila ta sanya biyar da biyar ga 'yan ƙasa da shekara bakwai da takwas, Jamus kuma ta wajabta ƙananan wasanni ga ƙananan rukunoni daga kakar 2024/25.

To amma a sake duban lissafin ta ɗaya fuskar. Ko a huɗu da huɗu, kashi bakwai cikin takwas na lokacin yaro yana tafiya ne babu ƙwallo a ƙafarsa. Ƙididdigar taɓa ƙwallo ba ta ce komai a kan wannan lokaci ba, alhali a nan dabara take. Kuma ba sai mun je Manchester ba mu ga shaida. Yaran unguwanninmu suna buga uku da uku ko huɗu da huɗu kullum da yamma, a lungu ko a kangon fili, da duwatsu ko silifa a matsayin raga, tun kafin wani ya rubuta littafi a kai. Wannan wasa yana haifar da masu yanka da masu ƙarfin zuciya, kuma bai kamata malami ya raina shi ba. Amma ka tsaya ka kalli wanda ba ya riƙe da ƙwallo. Sau da yawa za ka same shi a tsaye a bayan mai tsaro yana ɗaga hannu yana kiran “ba ni, ba ni”, ko ya rugo ya tsaya taku biyu daga mai ƙwallo ya janyo masa ƙarin abokin hamayya. Shekaru na ƙaramin wasa ba su gyara wannan ba, domin babu abin da ya tilasta masa gyarawa: gwanin cikinsu zai yanke mutum biyu ya ci, wasa ya ci gaba.

Saboda haka malamin da ya raba aji ƙananan rukunoni ya koma inuwa ya zauna, ya ƙara wa yara motsa jiki da jin daɗi, wanda ba ƙaramin abu ba ne, amma bai koyar da dabara ba.

4. Misali a aikace: kawo wa mai ƙwallo ɗauki

Mu ɗauki ajin ɗalibai 48 a ƙaramar sakandare, darasi na minti 40, filin makaranta na yau da kullum. Za a raba su rukuni shida na mutum takwas, a shata filaye shida masu tsawon mita 30 da faɗin mita 20. Toka ko farar ƙasa ta isa shata layi, robobin ruwa da aka cika da yashi su zama alamun kusurwa. Ana buƙatar ƙwallo shida, ba lallai ta fata ba. Rukunonin su kasance tsayayyu har ƙarshen jerin darussan, domin rabon yara kowane mako yana cinye minti biyar zuwa goma a banza. A irin wannan fili kowane ɗan wasa yana da murabba'in mita 75, wanda ya isa ya ba mai koyo lokacin ɗaga kai ba tare da ya sa wasan ya koma tsere ba.

Matakin farko wasa ne na huɗu da huɗu na minti shida, babu gola, ana ci ne idan aka tsayar da ƙwallo da ƙafa a kan layin ƙarshe na abokan hamayya. An cire raga da gangan, domin muddin akwai raga yaro zai dinga ɗirka ƙwallo daga nesa ya huta da tunani. A wannan minti shida malami ba ya gyara kowa. Yana kallon abu guda: duk lokacin da yaro ya karɓi ƙwallo, mutum nawa ne a cikin abokansa uku zai iya bai wa ba tare da ta bi ta kan abokin hamayya ba? A ajin da bai taɓa yin wannan ba amsar takan zama ɗaya ko babu. Da malami ya ga yanayin da ya fito sarai, sai ya hura usur, kowa ya daskare a inda yake. Daskarewar ita ce allon darasin, shi ya sa ake koya musu ita tun ranar farko. Tattaunawar takan yi kama da haka:

“Kai mai ƙwallo, wa kake iya bai wa yanzu?”

“Babu kowa, Malam.”

“Ga abokinka can yana ɗaga hannu. Me ya hana?”

“Wancan ya tare tsakanina da shi.”

“Kai kuma mai ɗaga hannu, in ba ka son ya tare, ina za ka koma?”

Yaron ya matsa taku huɗu gefe, kowa ya ga hanya ta buɗe, a ci gaba da wasa daga nan. Duk abin bai wuce rabin minti ba. A lura malami bai ce “ka buɗe” ba. Wannan kalma ce da ake yi wa yara tsawa da ita a kowane fili, kuma mafi yawansu suna fahimtar ta da cewa su yi nisa, alhali mai nisa ma yana iya kasancewa a inuwar mai tsaro.

Mataki na biyu shi ne zuzuta matsalar da uku da ɗaya. Kowane rukuni na takwas ya kasu biyu, kowane huɗu su sami murabba'i mai mita 10 kowane gefe (idan ƙwallayen shida ne kawai, rabin rukuni su yi minti biyu, rabi su ƙirga musu fasin, sannan a sauya). Murabba'in yana da kusurwa huɗu, masu hari uku ne, don haka kullum kusurwa ɗaya fayau take. Mu kira kusurwoyin 1, 2, 3, 4 a zagaye. Ƙwallo tana hannun wanda ke 1, abokansa suna 2 da 4, wato ɗaya a damansa ɗaya a hagunsa, mai tsaro kuma ba zai iya toshe duka biyun ba. Da ya ba wanda ke 2, sai lamari ya sauya: maƙwabtan 2 su ne 1 da 3, wanda ke 4 kuwa ya koma tsallaken murabba'i, mai tsaro yana tsakaninsa da ƙwallo. Dole ya ruga zuwa 3, kuma ya tashi tun ƙwallo tana kan hanya, ba sai ta isa ba. Wannan gudu guda shi ne dukan darasin. Malami ba ya bayyana shi tun farko. Yana barin su su rasa ƙwallo sau uku ko huɗu, sannan ya tambayi wanda ke tsallake ko mai ƙwallo yana ganinsa.

A nan ne ake gane ko matsalar ta dabara ce ko ta gwaninta, kuma bambancin yana da muhimmanci domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Idan yaro ya je wurin da ya dace, aka ba shi, ƙwallo ta tsalle daga ƙafarsa, to tarewa ce ta gaza. Sai a ware minti huɗu ko biyar a yi atisayen karɓa da ƙafar da ke nesa da mai tsaro, jiki a buɗe yana fuskantar cikin fili, sannan a koma wasan nan take. Idan kuwa rabin rukunin ba sa iya tsayar da ƙwallo ko kaɗan, gara a ɗauke ta daga ƙasa a yi wasan da hannu, a jefa a cafe, ba a gudu da ƙwallo. Matsalar kusurwoyi tana nan yadda take, amma idon yaro ya tashi daga ƙafarsa ya ga fili. Bayan darasi ɗaya ko biyu a mayar da ƙwallo ƙasa. A ajin 'yan mata da ba su saba buga ƙwallon ƙafa ba, wannan ita ce hanya mafi sauri, kuma sau da yawa sukan riga maza gane gudun kusurwa, domin babu wadda ta zo da ɗabi'ar yanka da sai an kankare.

Uku da ɗaya yana da aibi babba: ba shi da alƙibla. Yara suna iya ƙwarewa a zagaya ƙwallo har abada ba su matsa gaba ko taku ɗaya ba. Don haka kada ya wuce darasi ɗaya ko biyu kafin a shiga mataki na uku, wato uku da biyu a fili mai tsawon mita 20 da faɗin 15, masu hari suna neman kai ƙwallo layin ƙarshe. Yanzu ɗauki ya kasu biyu. Akwai wanda ke gaba, a bayan masu tsaro, wanda fasin zuwa gare shi ke karya tsaro. Akwai kuma wanda ke baya kaɗan ta gefe, mafakar mai ƙwallo idan gaba ta toshe. Yara ba sa son tsayawa a baya, suna ganin kamar an fitar da su daga wasa. Tambayar da ke buɗe musu ido ita ce: “Idan dukanku uku kuna layi ɗaya aka ƙwace ƙwallo, wa ya rage?” Ta biyun kuma ga mai ƙwallo: “Me za ka duba kafin ka zaɓi gaba ko baya?” Amsar da ake nema ita ce tazarar mai tsaro. In ya matso ya manne, gaba ta buɗe a bayansa, amma ba ka da lokaci, in ya ja da baya, kai ne za ka tuƙa ƙwallo har ya fito.

Mataki na huɗu ya daidaita lamba, huɗu da huɗu, amma a juya filin ya zama faɗi 30 tsawo 20, a sa ƙananan raga biyu a kowane layin ƙarshe, ɗaya kusa da kowace kusurwa, faɗin kowace mita biyu. Wannan dabarar raga huɗu ita ce mai horarwa ɗan Jamus Horst Wein ya yaɗa a wasansa na uku da uku na yara. Hikimarta ita ce masu tsaro ba za su iya cunkushe raga biyu lokaci guda ba. Da sun taru a dama, hagu ta zama fayau, kuma hanyar kai ƙwallo can ita ce ta hannun wannan na baya da ya ƙi tsayawa a mataki na uku. Yanzu wasan ne ke ba shi lada, ba malami ba. Alamar cewa abin ya kama ita ce ka ji yara da kansu suna kiran “juya, juya” kafin malami ya ce uffan.

Mataki na biyar shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma shi ne jarrabawar gaskiya: janye gyaran. A mayar da fili tsawonsa, a bar raga ɗaya a kowane ɓangare, a sa gola, a haɗa rukunoni su yi bakwai da bakwai a fili mai kamar mita 55 da 35. Idan faɗi da zurfi suka rushe nan take aka koma dandazo, to yaran sun koyi cin wasan raga huɗu ne kawai. Sai a koma baya mataki ɗaya, ba zuwa layi ba. Wata jarrabawar ita ce a buga ƙwallon hannu a wannan filin ba tare da wani sabon bayani ba, a ga ko gudun kusurwa zai bayyana da kansa. Jerin duka yana cin darasi takwas zuwa goma.

5. Inda ake tuntuɓe

Mafi yawan kuskure yana cikin dokar da malami ya ƙirƙira. Dokar taɓawa biyu, wadda masu horarwa ke ƙauna, tana hana yaro tuƙa ƙwallo ko da fili ya buɗe a gabansa, wato tana haramta masa shawarar da ta fi dacewa. Ga mai koyo kuma tana sa shi ya rabu da ƙwallo a firgice. Dokar cewa fasin biyar a jere daidai yake da ci ɗaya tana koyar da mayar da ƙwallo baya ko da hanyar raga a buɗe take. Ita kuwa dokar cewa sai kowa ya taɓa kafin a ci, niyyarta kyakkyawa ce, amma masu tsaro suna gane ta cikin minti biyu su tsare yaron da ya rage, wanda galibi shi ne mafi rauni, a ƙara kunyata shi. Ma'aunin da nake ba da shawara shi ne malami ya tambayi kansa: wannan doka tana sa abin da nake so ya zama mai riba ne, ko tana tilasta shi? Raga huɗu tana sa faɗi ya zama mai riba, yaro kuma yana da 'yancin ƙin amfani da shi ya ga sakamako. Taɓawa biyu tilas ce. Wadda ta bar zaɓi ita ke gina fahimta, domin ranar da aka janye ta dalilin yana nan.

Girman fili ma yana yaudara. In ya yi ƙanƙanta, ƙwallo za ta yi ta fita, ba a haɗa fasin uku ba, sai a ƙara mita biyar kowane gefe ko a ƙara wa masu hari mutum ɗaya. In ya yi girma, masu tsaro ba sa isa ga ƙwallo, mai gudu ya buga gaba ya bi, babu wanda ke buƙatar ɗauki, sai a matse. A filin yashi ko mai tsakuwa, inda ƙwallo ba ta gangarawa daidai, a fara da fili mai ɗan yalwa.

Sai tambaya. Malamin da ya taso a tsarin umarni yakan mayar da ita wa'azi mai alamar tambaya a ƙarshe: “Ya kamata ka buɗe, ko ba haka ba?” Yara su amsa “haka ne, Malam” baki ɗaya, ba wanda ya yi tunani. A wurinmu, inda tarbiyya ta hana yaro musa wa babba, wannan haɗari ya fi girma, shi ya sa tambayar da amsarta motsi ce ta fi wadda amsarta magana ce. “Nuna mini inda za ka tsaya” ba a amsa ta da “to”. Wani kuma ya tara aji duka ya yi minti biyar yana tambayoyi har jiki ya huce. Tsayarwa biyu ko uku a kowane wasa, kowace ƙasa da minti ɗaya, sun isa. Da filaye shida, malami ba zai ga komai ba, kuma kada ya yi ƙoƙarin haka. Ya tsaya a wuri guda na minti uku, ya wuce na gaba, ya bar wa kyaftin ɗin kowane rukuni tambaya ɗaya da za su tattauna a hutun rabin lokaci.

6. Yadda ake aunawa

Idan an koyar da dabara sannan aka yi jarrabawa da ƙirga fasin a jikin bango, an rusa aikin. Oslin da Mitchell da Griffin sun wallafa ma'aunin GPAI a 1998 domin auna abin da ɗan wasa ke yi a cikin wasa, kuma daga cikin ɓangarorinsa bakwai akwai yanke shawara da aiwatar da gwaninta da kawo ɗauki. Malamin aji 48 ba ya buƙatar duka. Ya ɗauki kawo ɗauki kaɗai, ya rubuta ma'anarsa a jimla guda: duk lokacin da abokinsa ya karɓi ƙwallo, shin ya matsa zuwa inda za a iya ba shi? Kowane ɗalibin da ke hutu ya bi ɗan wasa ɗaya da ido na minti biyar, yana sa alama a gefen “ya yi” ko “bai yi ba”.

A misali, a ce a darasin farko yarinya ta sami dama 12, ta yi daidai a 4. A raba 4 da 12, kashi 33 cikin ɗari ke nan. A darasi na takwas ta sami dama 13, ta yi daidai a 9, wato kashi 69. Asalin ma'aunin yana raba daidai ne da kuskure, wanda ke kawo cikas idan kuskuren sifiri ne, kamar yadda Daniel Memmert da Stephen Harvey suka nuna a 2008, don haka rabawa da jimillar damar ya fi sauƙi ga malami. Sharaɗi shi ne a auna farko da ƙarshe a wasa iri ɗaya, fili ɗaya, da abokan hamayya masu ƙarfi ɗaya, kuma a wasan da aka janye gyara. Ƙididdigar ɗalibai ba za ta kai ta ƙwararre daidaito ba, amma tana da riba ta biyu: yaron da ya yi minti biyar yana kallon wanda ba ya riƙe da ƙwallo ya fara ganin wasa da idon da bai taɓa gani da shi ba.

7. Iyakar hujja, da abin da ya rage gare mu

Bai kamata a sayar da wannan tsari fiye da kimarsa ba. Binciken Adrian Turner da Thomas Martinek na 1999 a kan hoki ya sami fifikon masu koyo ta wasa a shawarar fasin, amma nazarce-nazarcen da suka gwama hanyoyin biyu ba su zo da sakamako ɗaya ba, musamman a ɓangaren gwaninta. Bitar da Andrew Miller ya yi a 2015 ta nuna tsawon lokacin koyarwa yana da tasiri, inda shirye-shiryen da suka haura awa takwas suka fi nuna ci gaba. A darasi na minti 40, awa takwas darasi 12 ke nan, kusan zango guda idan sau ɗaya ake fita fili a mako. Wanda ya gwada mako uku ya ce bai ga komai ba, bai gwada ba. Jerin da na zayyana a sama ma yana gab da wannan iyaka ne, kuma matsala ɗaya tak ya taɓa, bai shiga tsaro ba.

Tsarin kuma yana neman ilimin wasa daga malami fiye da tsarin layi. Kowa zai iya jera yara, amma sai wanda ya san wasa zai ga cewa fasin ya lalace ne saboda wanda bai motsa ba, ba saboda wanda ya buga ba. A nan nauyin ya koma kan kwalejojin ilimi da sassan koyar da ilimin motsa jiki na jami'o'inmu. Roƙona ga malaman waɗannan cibiyoyi shi ne kowane ɗalibin da za ku tura aikin koyarwa ya tsara jerin darasi 12 a kan matsalar dabara guda, ya koyar da shi, ya auna ɗalibansa a farko da ƙarshe, kuma a ba shi maki a kan dokar da ya ƙirƙira da tambayoyin da ya yi, ba a kan yadda layinsa ya miƙe ba.